Ɗayan da Ke Ɓoye a Gaban ln x

A ajin farko na jami'a, a Zariya ne ko Kano ko Yamai, akwai wata rana da ɗaliban lissafi da na injiniya ba su cika mantawa da ita ba. Malam ya gama koyar da wata dabara da ake amfani da ita idan an ninka abu biyu, an yi misali uku ko huɗu, kowa ya fara jin ya kama. Sai ya goge allo ya rubuta ∫ ln x dx, ya juyo ya ce a gwada. Aji ya yi tsit. Dabarar tana bukatar abu biyu, ga shi kuma abu ɗaya tal ne a kan allo. Bayan ɗan lokaci malam ya ɗauki alli ya ƙara lamba guda a gaba, tambayar ta koma ∫ 1 · ln x dx. Da wannan ɗayan ake buɗe ƙofar.

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar abin a matsayin wayo, su haddace shi don jarrabawa su wuce. Sun yi asara, domin ɗayan nan yana da dalili, yana da hoton da ido zai iya gani, yana kuma da iyakar da ba ya tsallakewa.

Mai karatun da ya daɗe da barin makaranta yana bukatar kalmomi biyu kafin a ci gaba. Reshen lissafin da ake kira kalkulas yana da ayyuka biyu masu kishiyantar juna. Na farko shi ne nemo saurin canji, wato diribatif: idan x ya ɗan motsa, da wane sauri abin da ya dogara da shi yake motsawa? Na biyu shi ne nemo intagiral, mai alamar ∫, wanda ke auna girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi a kan zane. Gottfried Leibniz ne ya fara rubuta wannan alama a takardunsa a shekarar 1675. Ayyukan biyu kamar ɗauri da kwancewa suke: idan aka nemo intagiral na wani abu, sannan aka nemo saurin canjin amsar, dole a dawo kan abin da aka fara da shi. Sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne. Saurin canji yana da ƙa'idoji da kowa zai bi ya isa. Intagiral kuwa sai an yi ta neman hanya, wani lokaci ma babu hanyar.

Dabarar da malam ya koyar ta fito ne daga ƙa'idar ninki. A ɗauka mutum yana da gona mai kusurwa huɗu, tsawonta u, faɗinta v, girmanta u sau v. Ya samu ƙari kaɗan ta gabas, ya samu kaɗan ta arewa. Ƙarin da gonar ta yi zirin ƙasa biyu ne: tsawo sau ƙarin faɗi, da faɗi sau ƙarin tsawo. A rubuce, d(uv) = u dv + v du. Idan aka tattara duk waɗannan ƙananan zirare aka mayar da ɗaya ƙetaren alamar daidai, sai a samu:

∫ u dv = uv − ∫ v du

Baturen Ingila Brook Taylor ne ya wallafa wannan dabara a 1715. A iya kiran ta dabarar kashi biyu, domin tana raba abin da ke gaban mutum gida biyu: kashi ɗaya, u, a nemo saurin canjinsa, ɗaya kashin, dv, a nemo intagiral ɗinsa. Ba ta warware tambaya kai tsaye. Musaya take yi, ta karɓi intagiral ɗaya ta ba da wani. Idan wanda ta bayar ya fi sauƙi an ci riba. Idan ya fi wuya, an yi cinikin faɗuwa, sai a koma a sake rabo.

To, ln x shi ne logaridim mai tushe e, lambar nan da ta kai kusan 2.718. Aikinsa komawa baya: idan e aka ɗaga zuwa y ya ba da x, to ln x shi ne y. Intagiral ɗinsa ba ya cikin waɗanda ake ganewa da kallo ɗaya. Amma saurin canjinsa abu ne mai sauƙi ƙwarai, 1/x, wanda babu ko ƙanshin logaridim a jikinsa. Nan asirin yake. Abin da ke da wuyar intagiral amma saurin canjinsa ke da sauƙi, wurinsa shi ne u. Matsalar kawai ita ce me za a ba dv. Amsar ita ce ɗaya, tun da duk abin da aka ninka da ɗaya yana nan yadda yake, kuma intagiral na ɗaya shi ne x.

Sai a jera: u = ln x, saboda haka du = (1/x) dx. Sannan dv = 1 dx, saboda haka v = x. A zuba su cikin ƙa'idar:

∫ ln x dx = x ln x − ∫ x · (1/x) dx

A dubi abin da ya faru a hannun dama. Wancan x da ɗaya ya haifa ya haɗu da 1/x da logaridim ya haifa, suka cinye juna, ya rage ɗaya. Intagiral na ɗaya kuwa x ne. Saboda haka:

∫ ln x dx = x ln x − x + C

C ɗin lamba ce tsayayya da ake ƙarawa, domin saurin canjin lambar da ba ta motsi sifili ne. Wanda bai yarda da amsar ba yana da hanyar gwadawa da kansa. Saurin canjin x ln x shi ne ln x + 1, na −x kuma −1 ne. Ɗaya ya kashe ɗaya, ln x ya tsaya shi kaɗai. Wannan gwaji ba ya cin minti guda, kuma ya kamata ya zama al'adar kowane ɗalibi, don yana kama kusan duk kuskuren da za a yi a wannan fanni.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta 1/x a matsayin amsa, wato an ba da saurin canji a inda aka nemi intagiral. Lambobi suna tona shi nan take. Tsakanin x = 1 da x = 2, layin ln x yana tashi daga sifili zuwa 0.693, duk a saman layin kwance, don haka filin da ke ƙarƙashinsa ba zai gaza sifili ba. Amsar kuskure tana ba da ½ − 1, wato −0.5. Amsar gaskiya tana ba da 2 ln 2 − 1, kusan 0.386, adadin da ya dace da fili mai faɗin ɗaya da tsayin da bai kai 0.7 ba. Wani kuskuren shi ne juya rabon, a ba u ɗaya a ba dv logaridim. Wanda ya yi haka zai ga cewa matakin farko yana neman intagiral na ln x, abin da aka fito nema tun asali.

Yanzu ga hoton, wanda littattafan karatu da yawa ke tsallakewa alhali shi ne zuciyar maganar. A zana ln x daga x = 1 zuwa x = e. Layin ya tashi daga ƙasa ya hau har tsayin ɗaya. A kewaye shi da fili mai kusurwa huɗu wanda ya faro daga sifili: faɗinsa e, tsayinsa 1, girmansa 2.718. Layin ya ratsa filin kamar hanyar ƙafa da ta raba gona biyu. Kashin da ke ƙarƙashin hanyar shi ake nema, kuma auna shi daga ƙasa yana da wuya. Amma idan mai awo ya zagaya ya tsaya a gefen hagu ya dubi ɗaya kashin, layin da zai gani ba logaridim ba ne. Zai ga x = e^y, wanda intagiral ɗinsa shi ne mafi sauƙi a duk kalkulas, domin kansa yake maimaitawa. Daga y = 0 zuwa y = 1, wancan kashin ya kama e − 1, wato 1.718. A cire shi daga gonar gaba ɗaya, 2.718 ban da 1.718, saura 1 cif. Ƙa'idar ma abin da ta ce ke nan: a x = e tana ba da e − e = 0, a x = 1 tana ba da −1, bambancinsu ɗaya.

Ashe x ln x ba wani abu ba ne illa gonar duka, faɗi sau tsayi. Abin da ake cirewa kuma kason maƙwabci ne. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san wannan lissafi: idan kason wani yana da wuyar awo saboda iyakarsa a karkace take, a auna gonar duka, a auna ɗaya kason, a ɗebe. Ɗayan da aka ɓoye shi ne ke samar da x, x ɗin nan kuwa shi ne faɗin gonar. Masanin lissafi na Faransa Charles-Ange Laisant ya rubuta wannan a 1905 a matsayin ƙa'ida ta gaba ɗaya ga duk abin da ke aikin komawa baya.

Me amsar x ln x − x take amfanawa a waje da ɗakin jarrabawa? A ɗauki mutum goma da za su tsaya a sahu ɗaya. Hanyoyin jera su sun kai 1 × 2 × 3 har zuwa 10, wato 3,628,800. Idan mutum ɗari ne, adadin yana da lambobi 158 a jere, ba mai iya riƙe shi a ka. Logaridim yana mayar da ninki ya zama tarawa, don haka logaridim ɗin wannan ƙaton adadi shi ne ln 1 + ln 2 + ln 3 har zuwa ln 100. Kowace gaɓa kamar ginshiƙi ce mai faɗin ɗaya, jimlarsu kuma ta yi kusa da filin da ke ƙarƙashin layin ln x daga 1 zuwa 100. Ƙa'idar ta ba da 361.5, ainihin adadin 363.7 ne, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kan mutum goma ta ba da 14.03 maimakon 15.10, kuskuren kusan kashi bakwai cikin ɗari. Wato tana ƙara kyau gwargwadon yadda adadin ke girma. Wannan shi ne ƙashin bayan ƙiyasin da ke ɗauke da sunan James Stirling, ɗan Sikotlan da ya wallafa shi a 1730, kuma masana fiziks suna dogara da shi idan suna lissafin ƙwayoyin iskar gas, inda yawan ya wuce tunani.

Dangin logaridim a wannan al'amari su ne masu komawa baya na lissafin kusurwa. Tan yana karɓar kusurwa ya ba da gangara: tsani da aka jingina a kusurwar digiri 45 yana hawa taku ɗaya a kowane taku ɗaya na ƙasa, gangararsa ɗaya. Shi kuwa arctan yana karɓar gangarar ya dawo da kusurwar. Halinsa irin na ln x ne sak. Intagiral ɗinsa ba ya bayyana, amma saurin canjinsa 1/(1 + x²) ne, babu kusurwa a ciki ko kaɗan. Sai a sake kiran ɗayan: u = arctan x, dv = 1 dx, v = x.

∫ arctan x dx = x arctan x − ∫ x/(1 + x²) dx

A nan x bai cinye komai ba, amma ya yi wani aikin da ya fi wannan kyau. Saurin canjin abin da ke ƙasa, 1 + x², shi ne 2x. Abin da ke sama kuma x ne, rabin wancan. Duk inda saman kaso ya zama saurin canjin ƙasansa, intagiral ɗin logaridim ɗin ƙasan ne. Da babu x a sama, da an koma kan arctan. Da yake akwai shi, sai a samu:

∫ arctan x dx = x arctan x − ½ ln(1 + x²) + C

Rabin nan shi ɗalibai suka fi yarwa a hanya. An fara da kusurwa an ƙare da logaridim, kuma wannan haɗuwa tana ba mutum mamaki ko sau nawa ya gan ta.

A gwada da lambobi daga 0 zuwa 1. Kusurwar da gangararta ɗaya ita ce π/4 a ma'aunin radiyan, kusan 0.785. Rabin ln 2 kuma 0.347 ne, idan an taƙaita. Amsar ta kama kusan 0.439. Shin ta yi daidai da hankali? Filin yana cikin akwati mai faɗin 1 da tsayin 0.785, don haka ba zai wuce 0.785 ba. Layin arctan kuma yana yin doro sama da miƙaƙƙen layin da ya raba akwatin biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka filin ya ɗan ɗara rabi, wato 0.393. Amsar 0.439 ta zauna daidai inda ake tsammani.

Akwai tarko a cikin kalkuleta. Idan tana kan digiri, za ta ce arctan 1 shi ne 45, ɗalibi ya cire 0.347 ya rubuta 44.65. Ƙa'idar 1/(1 + x²) tana aiki ne kawai idan an auna kusurwa da radiyan. Wanda ya saba zana akwatin kafin ya danna maɓalli zai gane nan da nan cewa fili mai girman 44 ba zai shiga akwatin da bai cika ɗaya ba.

Na arcsin ma haka yake tafiya, sai dai alama ce ke kayar da mutane. Saurin canjinsa 1/√(1 − x²) ne, don haka bayan an sa ɗayan, abin da za a cire shi ne intagiral na x/√(1 − x²). Saurin canjin 1 − x² shi ne −2x, mai alamar ɗebewa, saboda haka wancan intagiral ɗin ya zama −√(1 − x²). Ɗebewar ƙa'ida ta haɗu da wannan ɗebewar, suka koma tarawa:

∫ arcsin x dx = x arcsin x + √(1 − x²) + C

Daga 0 zuwa 1, wannan ya ba da π/2 − 1, kusan 0.571. Wanda ya bar alamar ɗebewa zai samu π/2 + 1, kusan 2.571, alhali akwatin gaba ɗaya 1.571 ne. Hoton gona ya sake tabbatar da amsar: daga gefe, layin ya zama sin y, filinsa daga 0 zuwa π/2 ɗaya ne cif, kuma 1.571 ban da ɗaya shi ne 0.571. Na arccos kuwa x arccos x − √(1 − x²) ne. Idan aka tara amsoshin biyu, saiwoyin sun kashe juna, ya rage x sau π/2, abin da ya wajaba tun da arcsin x da arccos x kullum jimlarsu π/2 ce.

A 1983 Herbert Kasube ya wallafa wani jerin fifiko don taimaka wa ɗalibai zaɓen u, wanda ake taƙaitawa da haruffan LIATE. Logaridim ne a kan gaba, masu komawa baya na kusurwa suna biye da shi, sannan irin su x da x². Ɗaya yana cikin rukuni na uku, domin x ne da aka ɗaga zuwa sifili. Jerin yana da amfani, amma wanda ya san dalilin ba ya bukatarsa: na farko da na biyu su ne waɗanda ke tuɓe rigarsu idan aka nemo saurin canjinsu.

Akwai kuma wata 'yar dama da ƙwararru ke amfani da ita. Intagiral na ɗaya ba lallai ya zama x tsirara ba. X da kowace lamba tsayayya ma ya halatta. A kan ln(x + 1), wanda ya zaɓi v = x zai tarar da x/(x + 1), sai ya yi rabawa kafin ya wuce. Wanda ya zaɓi v = x + 1 zai ga sama da ƙasa sun cinye juna nan take, amsar ta fito (x + 1) ln(x + 1) − x + C. Amsoshin mutanen biyu duk daidai ne, ko da fuskarsu ta bambanta kafin a gyara su.

Ɗayan yana ɓoye a gaban komai, amma ba ko'ina yake da amfani ba, kuma alamar ganewa ɗaya ce: a ninka x da saurin canjin abin, a duba ko ya yi sauƙi. A kan (ln x)², zagaye na farko yana rage ƙarfin zuwa 2 ln x, wanda an riga an san maganinsa, amsar ta zama x(ln x)² − 2x ln x + 2x + C. A kan e^(x²) kuwa, abin da zai rage shi ne 2x² e^(x²), wanda ya fi na farko muni, kuma kowane sabon zagaye ƙara masa nauyi yake yi.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne 1/ln x, wanda a ido ɗan juyi ne kawai ya raba shi da tambayar malam. Idan aka sa ɗayan, sai a samu x/ln x da ragowar intagiral na 1/(ln x)². A sake, ragowar ta koma mai (ln x)³ a ƙasa, haka har abada. Wannan ba gazawar ɗalibi ba ce. Bisa ka'idar da Joseph Liouville ya kafa a shekarun 1830, an tabbatar cewa babu wata haɗakar logaridim, kusurwa, saiwa da ɗagawa da za ta rubuta wannan amsa a taƙaice. Sai masana suka ba shi suna nasa, li(x). Duk da haka zagayen farko bai tafi a banza ba. Shi li(x) yana ƙiyasta yawan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, irin su 2, 3, 5, 7 da 11, waɗanda ba su wuce x ba, kuma x/ln x da ɗayan ya fitar shi ne gaɓarsa ta farko. A ƙasa da miliyan ɗaya akwai irin waɗannan lambobi 78,498. Gaɓar farko ita kaɗai ta ba da kusan 72,382, shi kuma li gaba ɗayansa ya ba da kusan 78,628.